An sake dawo min da babi na ɗaya

Rukayya: Assalamu alaikum. Kundina na digiri na biyu a kan karatun yaranmu Hausawa ne a firamaren gwamnati ta Agege. Sau biyu malamina yana jan layi a ƙarƙashin giɓin binciken. Abin da na rubuta shi ne babu wanda ya taɓa yin wannan aikin a Agege. Ina matsalar take?

Bala Mile 12: Ki sauya wuri kawai, ki koma Idi-Araba.

Rukayya: Yaya Bala, ba wurin ya ja wa layi ba ai.

Anti Hauwa: Wannan jimlar ce ta kusa kashe ni ranar kare tsarin bincikena. Na miƙe da ƙarfin gwiwa na ce ba a taɓa yi ba. Wani dattijon malami ya tambaye ni ayyuka nawa na karanta kafin na yanke hukuncin. Na ce da yawa. Ya ambato kundi biyu da aka yi a tsangayar tamu, suna nan a laburare, ban taɓa buɗe su ba. Sai ya ƙara da cewa ko da gaskiya ne ba a yi ba, wataƙila don bai cancanci a yi ba ne. Wata huɗu na yi ina gyara. Abin da na koya: sunan unguwa shi kaɗai ba giɓi ba ne, sai kin nuna abin da ya bambanta unguwar har sakamakon wasu wurare ba zai hau kanta ba.

Malam Sani: Hauwa ta gama magana. Rukayya, giɓinki yana hannunki ba ki gan shi ba. Fara da abin da aka sani. Aikin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, kuma bai hana su iya Turanci ba. To amma yaran nan harshen gidansu da harshen garinsu ɗaya ne. Naki fa? Hausa a gida, Yarabanci a filin wasa, Turanci a allo, ga dokar Jihar Legas ta 2018 da ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu. Nan ne sanin ya tsaya. Sai ki rubuta kamar haka: ayyukan da aka bita sun fi karkata ga yaran da harshen gidansu shi ne na muhallinsu, ba su fayyace halin yaron da nasa ya bambanta ba, don haka malamin aji ba shi da madogara. Ki lura, "ayyukan da aka bita" na ce, ba duniya gaba ɗaya ba.

Bala Mile 12: Malam ya rubuta mata kundin kyauta. Mu da muka sha wuya fa?

Anti Hauwa: Kai da ka shekara biyar a babi na biyu, yi shiru.

Rukayya: Na gode Malam. Ga tambayata ta farko: shin harshe yana shafar karatun yara?

Malam Sani: Amsarta "eh", kowa ya sani, an tashi. Wane harshe, wane aji, wane karatu? Gwada wannan: mene ne bambancin makin fahimtar karatun Turanci tsakanin 'yan aji uku masu Hausa a gida da masu Yarabanci a gida? Ta biyu: waɗanne dabaru malamai suke bi idan yaro bai gane bayani ba? Ta farko gwaji zai amsa ta, ta biyu zama a aji da hira da malamai. Duk tambayar da ba ki iya nuna abin da zai amsa ta ba, cire ta.

Usman: Mu dai an ce mana dole kowace tambaya ta zo da hasashenta. Tambaya biyar, hasashe biyar.

Malam Sani: Da manufofi ne take tafiya ɗaya bayan ɗaya. Hasashe sai inda za a gwada da alƙaluma, kamar ta farkon. Ta biyun me za ka gwada?

Usman: Sashenmu ba sa karɓa haka, Malam.

Anti Hauwa: Sannan ki yi hattara, yaranmu da yawa suna Islamiyya da yamma, wasu kuma a makare aka sa su boko. Idan makinsu ya yi ƙasa, za a tambaye ki ta yaya kika san harshe ne ba shekarun shiga ba. Ki tanadi gurbinsu a takardar tambayoyi tun yanzu.

Bala Mile 12: Wa ya san mai ɗaurin kundi mai sauƙi wajen Akoka?

Rukayya: Anti, shekarun shigar in mayar da su tambaya ta uku ne, ko in bar su cikin bayanan yara?