Bidiyon dare mai sanyin murya: yana kawo barci ko yana korar sa?

Maman Biyu: Salamu alaikum jama'a. Akwai bidiyoyin nan da ake kallo idan barci ya ƙi zuwa, ruwa na kwarara a hankali ko gajimare na tafiya, wani yana magana ƙasa-ƙasa a kan rayuwa da haƙuri. Ni wani dare nakan yi barci kafin a kai rabi, wani dare kuma sai in ji kiran assalatu idona biyu, wayar na hannuna. Waɗanda suka gwada, yaya abin yake a wurinku?

Telan Kasuwa: Wa alaikumus salam. Hajiya, hasken wayar ne ke cutar ki. Shuɗin hasken nan yana hana jiki fitar da sinadarin melatonin mai kawo barci. Ki shiga saitin waya ki kunna Night Light, allon zai koma ruwan ɗorawa. Tunda na yi haka ban sake samun matsala ba.

Mai Aikin Dare: Malam Tela ya faɗi rabin gaskiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma idan na sauka daga aikin dare na koma kwanan gida, da irin wannan bidiyon nake gyara barcina. Haske yana da tasiri, amma ƙarfinsa ya fi launinsa muhimmanci, kuma abin da ya fi su duka shi ne yatsa. Muddin wayar na hannunki za ki taɓa ta, saƙo ya shigo, ki duba, shi ke nan hankali ya farka.

Ni nakan rage hasken allo har ƙasa, in kalli hoton kamar minti 5 don numfashina ya lafa, sannan in kife wayar a kan teburi in bar muryar kawai. A YouTube sai na kashe Autoplay tukuna, don in ba haka ba wani bidiyon mai kiɗa zai biyo baya ya firgita ki da tsakar dare. In akwai Sleep timer a wayarki, wato abin da ke tsayar da bidiyo da kansa, ki sa minti 30. Ƙarar kuwa ki rage ta yadda sai kin ɗan kasa kunne za ki ji. Kada ki sa wayar ƙarƙashin matashin kai, musamman tana caji, zafi take yi.

Ɗan Tasha: Ni talla ce ta raba ni da su. Barci ya fara ɗauka ta ke nan, sai wata murya ta ɓarke da ihun tallar bashi. Zuciyata ta daɗe tana bugawa. Yanzu Alƙur'ani na sauke a waya, ƙira'a mai sanyi, in yi addu'ar kwanciya in kunna. Ba talla, ba cin data.

Ƙaninku: Don Allah da wace manhaja ake haɗa irin bidiyon? Ina son in fara yi.

Maman Biyu: Ƙanina, mu ta barci muke yi tukuna. Anti mai aikin dare, na lura daren da abin ya fi damuna shi ne wanda mai maganar ya taɓo iyaye da mutuwa. Mahaifiyata ta rasu bara, Allah Ya jiƙan ta. Sai in kwana ina hawaye.

Mai Aikin Dare: Amin, Allah Ya sa ta huta. To kin gano bakin zaren da kanki, 'yar uwa. Sanyin murya bai isa ba in maganar na tono miki ciwo. Ki zaɓi guda ɗaya wanda zancensa bai shafe ki ba, ki riƙa maimaita shi kullum. Tunda kin san abin da zai faɗa, ba za ki tsaya jiran ƙarshe ba. In kuma kin ji kamar minti 20 sun wuce babu alamar barci, ki tashi daga gadon, ki zauna wani wuri mai ƙarancin haske har hamma ta zo. Kada jiki ya saba cewa gado wurin tunani ne. Ki kuma duba shayi da goro na yamma: bayan kusan awa 5 rabin sinadarin kafeyin ɗinsu mai hana barci na nan a jini. In rashin barcin ya kai dare 3 a mako har wata 3, ko baƙin cikin ya hana ki ayyukan rana, ki ga likita, bidiyo ba zai magance wannan ba.

Telan Kasuwa: Ni dai in na kife wayar, tunanin ɗinkin mutane ke dawo mini. Sai ina kallon ruwan nan hankalina ke kwanciya.

Ɗan Tasha: Tashi daga gado kuma, Anti, mu da muke ɗaki ɗaya da yara ina za mu koma?

Mai Aikin Dare: Ko tabarma ce a bakin ƙofa ta wadatar, in dai sauro ya bar ka. Malam Tela kuma, ka jingina wayar nesa da hannu, mu ji yadda za ta kaya.