Gurbin Subject da takardun da ake haɗa wa imel: me za mu kira su?

Malamar Kwamfuta, Ƙofar Kaura: Salamu alaikum. Gobe ina da darasi da masu neman aiki kan tura takarda ta imel, kuma da Hausa zan yi. Gurbin nan na Subject, me zan kira shi? Sai kuma takardun da ake haɗawa.

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam. Kanu. A wasiƙar ofis shi ne muke ja wa layi a ƙasan gaisuwa. A imel kuwa shi ake gani tun ba a buɗe saƙo ba, kuma a waya kalmomin farko kaɗai ke bayyana. Saboda haka sunan aikin ya zo farko, sannan na mai nema. In sanarwa ta faɗi abin da za a rubuta, a kwafe shi daidai, don da shi ake lalubo saƙonni.

Ɗan Daura: Baba, kanu na jarida ne. Jigo ya fi.

Malamin Hausa: Jigo sai ka karance labari kake gano shi, ba a rubuta shi a goshi. Take dai. Na biyun kuma rataye.

Ɗan Daura: Rataye na ƙarshen kundin digiri? Ni na ce goyo. Saƙo uwa, takarda tana bayanta.

Maman Ilham: Wallahi ya dace! Ni na taɓa tura uwar ba goyon. Na rubuta ga takarduna, ashe ban haɗa komai ba.

Malamin Hausa: Wasa kuke da harshe. Wa zai rubuta wa darakta "ga goyona"?

Ɗan Daura: Malam, daga Daura Hausa ta taso, mu muka san abin da za ta ɗauka.

Malamin Hausa: Rijiyar Kusugu ba ƙamus ba ce.

Tsohon Akawu: Ku bar wannan. Malama, gaya masu kada su bar cikin saƙon wayam. Gaisuwa, aikin da ake nema da inda aka ga sanarwa, abin da aka haɗo, sai suna da lambar waya. Kuma su sauya sunan da waya ta ba takarda. Mai tantancewa in ya sauke guda hamsin, ta ina zai gane mai wannan?

```
IMG_0042.jpg
Suna_SunanMahaifi_CV.pdf
```

Na ƙasan ake so, kuma PDF, don tsarinta ba ya wargajewa a wata na'ura. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB a maƙale. Ƙ da ɗ kuma, wasu tsofaffin manhajoji kan dagula su a sunan fayil, gara k da d.

Malamin Hausa: Wato mu yar da ƙugiyarmu saboda na'ura?

Tsohon Akawu: A sunan fayil kawai, Malam.

Malamar Kwamfuta: Na gode. Kanu na ɗauka. Ɗayan zan ce takardar da aka maƙala.

Ɗan Daura: Kalma huɗu inda ɗaya ta isa. Ki dai gwada goyo a ajin ki ji.