Sun dawo mana da rahoton wata shida da tambayoyi uku

Maman Sadiq, Katsina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son jin yadda waɗanda suka riga mu a wannan aiki suka yi. Ƙungiyarmu ƙarama ce, muna aikin tamowa na shekara ɗaya a ƙauyukan da ke kewaye da ƙananan asibitoci biyu. Masu sa kai suna bi gida-gida suna auna damtsen yara da tef, wanda ya faɗa ja a tura shi asibiti a riƙa ba shi abincin nan na gyaɗa na cikin leda duk mako. Na kwana uku a kan rahoton wata shida: teburin ma'aunai a gaba, na kuɗi a tsakiya, labarin wata uwa a ƙarshe. Jiya matar da ke kula da tallafinmu ta dawo da shi. Ta ce mun rubuta mun auna yara 1,900 cikin 2,400 na duk shekara, amma kashi 38 cikin ɗari na kuɗin kawai muka kashe, yaya aka yi? Me ya sa waɗanda suka warke kashi 56 ne kacal? Kuma labarin da muka sa, wane adadi yake bayani a kai? Wallahi ta ukun nan ce ta fi tsaya mini a rai, don ni ban taɓa ɗauka labari yana da alaƙa da tebur ba.

Malam Mai Rajista, Gusau

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, 1,900 ɗin nan yara ne ko awo ne? Na taɓa faɗawa wannan ramin. Mai sa kai ya auna yaro a watan farko, ya dawo wata na uku ya sake auna shi, takardar wata-wata ta ƙirga shi sau biyu. Idan yarjejeniyarku ta ce "yaran da aka auna", to kai ake ƙirgawa, ba sau nawa tef ya taɓa hannu ba. Mu da muka gano, sai muka ba kowane yaro lamba: harafin ƙauye, lambar gida, sannan na nawa ne a gidan. Suna kaɗai ba ya raba gardama, ƙauye ɗaya za ki samu Aisha goma 'yan shekara biyu. Idan lambobin suna layin A a Excel, wannan zai nuna miki waɗanda suka maimaitu:

```
=COUNTIF(A:A,A2)>1
```

Sai batun kashi 56. Da me kika raba?

Maman Sadiq

Malam, yara 140 aka karɓa a asibitocin biyu, 78 suka warke, shi ne na raba 78 da 140.

Malam Mai Rajista

To nan kika cuci kanki. Ba da waɗanda aka karɓa ake rabawa ba, da waɗanda suka fita daga shirin ake rabawa. Yaron da aka karɓa mako biyu da suka wuce har yanzu yana kan magani, bai warke ba, bai kuma gaza ba, ba shi da wuri a lissafin tukuna. Koma rajistar asibiti ki ware waɗanda suka fita gida huɗu: wanda ya warke, wanda uwarsa ta daina kawo shi, wanda Allah ya yi wa rasuwa, da wanda aka yi ta ba shi bai amsa ba. Jimillar huɗun nan ita ce ƙasan lissafinki. Mizanin Sphere na ayyukan agaji da yawancin masu tallafi ke dubawa yana son warkewa ta haura kashi 75, rasuwa ta gaza kashi 10, masu daina zuwa su gaza kashi 15. Ki sa mizanin a gefen adadinki a teburin, kada ki bar matar ta je tana nema.

Ɗan Sabongari

Ni dai a gani na matsalar kuɗin ce babba. Masu tallafi ba sa son ganin kuɗi a kwance, in suka gani sai su rage kaso na biyu ko su jinkirta shi. Inda na yi aiki a da, in rahoto ya matso sai a sayo duk abin da ake da niyyar saya, a biya horaswa, adadin ya tashi. Hajiya ki yi hakan kafin ki mayar musu.

Hajiya Akanta, Kaduna

Ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce, kuɗin da ya kwanta yana iya jinkirta kaso na gaba. Amma wata shidan nan ya riga ya rufe. Abin da ta saya yau ba zai shiga rahoton da ya ƙare wancan watan ba, sai dai a mayar da kwanan rasit baya, wannan kuwa ranar da masu binciken kuɗi suka zo ita ce ranar da ƙungiya za ta rasa sunanta. Maman Sadiq, ki bar kallon kashi 38 ɗin a dunƙule. Ki buɗe shi layi-layi: abin da aka ware, abin da aka kashe, bambanci, sai jimla ɗaya ta dalili. Kusan kullum za ki tarar layi biyu ko uku ne suka janyo komai ƙasa. Ki kuma duba kuɗin da aka ba ma'aikatan fili su je su yi aiki ba su kawo rasit ba tukuna. Kuɗin ya bar banki, aikin an yi, amma a littafi ba a kashe shi ba sai rasit ya iso. Ana ambatarsa a bayani, ba a cusa shi cikin abin da aka kashe.

A 2023 mu abin ya zo mana ta wata fuskar. Tallafinmu da yuro yake, mun yi kasafi yuro ɗaya tana wajen naira 500. Da aka saki naira a watan Yuni yuro ta haura naira 800, sai rahotonmu na yuro ya nuna kamar ba ma aiki, alhali a naira mun wuce abin da aka ware wa mai, tunda an cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu. Tun daga lokacin nake rubuta farashin canjin da na yi amfani da shi da ranarsa a ƙasan tebur. Ki kuma karanta yarjejeniyarku kan ɗauke kuɗi daga layi zuwa layi. Da yawa sukan yarda har kashi 10, abin da ya wuce sai da izini a rubuce, amma kowa da nasa sharaɗin.

Ɗan Maraɗi

Mu a nan canji bai dame mu ba in tallafin na yuro ne, sefa a ɗaure take, 655.957 a kan yuro ɗaya. Abin da ke cin mu shi ne lokaci. Tamowa ba ta tafiya daidai da kalanda, tana ƙaruwa da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga uwaye suna gona. Wanda ya raba burin shekara gida biyu ya ce rabi a wata shida ya yi kuskure tun farko. Hajiya ki faɗa musu watannin da rahoton ya ƙunsa, da abin da kuke jira in ruwa ya sauka.

Sabuwar shiga, Bauchi

Don Allah Anti, wannan teburin shi ne wanda ake haɗawa lokacin neman tallafi? Mu yanzu muke rubuta takardar nema, ko za a taimaka mana da samfuri.

Hajiya Akanta

'Yata, ba shi ba ne, amma daga can yake fitowa. Duk adadin da kika yi alƙawari a takardar nema, shi za a biyo ki da shi wata shida. Ki rubuta abin da kuke da rajistar da za ta nuna shi.

Maman Sadiq

Allah ya saka da alheri, jiya da yau a kan rajista muka wuni. Yaran ba 1,900 ba ne, 1,310 ne, wato kashi 55 na burin shekara. Na ji nauyin rage adadin da na riga na aika, amma haka yake. Cikin 140 ɗin, 100 ne suka fita: 78 sun warke, 19 an daina kawo su, 2 sun rasu, 1 bai amsa ba. Ke nan warkewa ta haura mizani, amma masu daina zuwa kashi 19 ne, mun gaza a nan, kuma rahotona na farko bai ma nuna shi ba.

Kuɗi kuma, cikin naira miliyan 48 mun kashe miliyan 18.2. Miliyan 3 na hannun ma'aikatan fili ba rasit. Miliyan 4 na babura da mai ne na bin sawun yaran da aka daina kawowa, ba mu sayo ba saboda neman farashi daga dillalai uku ya ja mu. Ina kallon layin nan sai gabana ya faɗi. Yara 19 ɗin da suka ɓace, kuɗin neman su ne ke kwance a banki.

Inna Mai Unguwa, Funtuwa

To ga labarinki nan ya fito da kansa. Ni shekaruna a fili nake, ba na tebur. Na taɓa bin wata uwa da ta daina zuwa, na same ta a tsakar gida tana surfe, goyon a bayanta, ledojin abincin babu ko ɗaya. Ta ce kuɗin acaɓa zuwa da dawowa duk mako ya fi ƙarfinta, ledojin kuma ba za ta iya ba ɗaya ta hana yayyensa uku suna kallo ba. Da muka sa wannan a rahoto a ƙarƙashin adadin masu daina zuwa, aka yarda mana mu kai rabon kusa da ƙauyensu. Amma ki zauna da ita da Hausa ki gaya mata su wa za su karanta, ki gaya mata in ta ƙi ba abin da zai taɓa maganin ɗanta. Ki tambaya ko sai maigida ya sani. Ki sauya suna, kada ki faɗi ƙauyen. Hoton yaro tsirara haƙarƙari a waje kuwa, ni ba na ɗauka.

Ɗan Sabongari

Inna, ina girmama maganarki, amma na ga wurin da labarin gazawa ya sa aka ƙi sabunta tallafi. Ba duka masu tallafi ne ke da wannan haƙurin ba. Wasu ma hoton suke nema don su tara kuɗi a ƙasarsu. Ni da zan bar labarin wadda ɗanta ya warke a gaba.

Malam Mai Rajista

Ban ce tsoronka ba shi da tushe ba. Sai dai wannan matar ita ce da bakinta ta tambayi wane adadi labarin ke bayani. Na hoto kuma ni ma ban gama yanke shawara ba, mu hannun uwa da tef muke ɗauka, wani lokaci su karɓa, wani lokaci su ce a ƙaro.

Maman Sadiq

Na sake jera shi. Shafin farko ya faɗi gyaran adadin da dalilinsa. Kowane ma'auni yanzu yana tare da layin kuɗinsa a wuri ɗaya, babura a ƙarƙashin kashi 19, da ranar da za mu karɓe su. Labarai biyu zan sa, gajeru, na wadda ɗanta ya warke da na wadda ta daina zuwa. Ta biyun ba mu same ta ba tukuna, mai sa kai ya ce ta tafi biki garinsu sai Juma'a. Na roƙi a ƙara mana mako ɗaya, ina jiran amsa. Hajiya Akanta, miliyan 3 ɗin nan, in rasit ɗin suka iso kafin na aika kuma kwanansu na cikin wata shidan, in shigar da su ko in bar su sai rahoto na gaba?