Karatunmu na Lahadi a Zoom: mutanen Landan sun shigo ana shafa addu'a

Malam Kabiru: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara. Muna da karatu duk Lahadi ƙarfe 8 na dare a Zoom, malamin yana Kano, masu sauraro kuma suna Kumasi, Yamai, Khartum, Jidda, Landan da New York. Tun watan Mayu lafiya lau, sai jiya 26 ga Oktoba mutanen Landan suka shigo ana shafa addu'a, suna rantsuwa ƙarfe 8 ne a wurinsu. Yau na duba Zoom ɗin, ya nuna mini karatu na gaba ƙarfe 9, alhali ban taɓa komai ba. Wani ɗan'uwa da ke Landan ne ya buɗe mana zaman tun farko. A sanarwa kuma "8:00 GMT" muke rubutawa. Ina gyaran yake kafin Lahadi mai zuwa?

Baban Amira: Wa alaikumussalam. Wayarka ce Malam. Ka shiga wajen saita kwanan wata da lokaci ka kunna wanda ke saita kansa, zai daidaita.

Hajiya Bilki: Baban Amira, da waya ce da agogon da ke fuskarta ma ya sauya, kuma da ba mutanen Landan kaɗai abin zai shafa ba. Wayar Malam lafiyarta ƙalau. Agogon Ingila ne ya motsa.

Malam Kabiru, ga yadda abin yake. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi duk suna gaban GMT da awa ɗaya, rani da damina, ba sa taɓa agogo. Ingila kuwa sau biyu take taɓawa a shekara: Lahadin ƙarshe ta Maris su tura shi gaba da awa ɗaya, Lahadin ƙarshe ta Oktoba su dawo da shi. A tsakanin waɗannan ranakun agogon Landan da na Kano ɗaya ne sak, shi ya sa tun Mayu ba ku ga matsala ba, kuka ɗauka haka abin yake kullum. Jiya ita ce Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Da ƙarfe 2 na dare suka koma ƙarfe 1, saboda haka lokacin da malam ya yi bisimilla ƙarfe 8 a Kano, 7 ce a Landan. Ba ƙarya suka yi ba da suka ce sun zo ƙarfe 8, takwas ɗinsu ce ta zama tara ɗinku.

Na Zoom ɗin kuma daga wanda ya buɗe zaman ne. Zama mai maimaituwa yana manne wa agogon garin da aka zaɓa ranar da aka buɗe shi. Shi ya zaɓi Landan, ko ma bai zaɓa ba, asusunsa ne ya sa masa. To Zoom yana riƙe da "8 na dare a Landan", sai ya lissafa maka abin da hakan ya zama a Kano, wato 9. A ce masa ya shiga ya gyara zaman, a wurin `Time Zone` ya zaɓi `West Central Africa`, ya bar ƙarfe 8, ya tabbatar gyaran ya hau kan dukkan zaman da ke tafe, ba na mako ɗaya ba. Gyara zai yi, kada ya goge ya buɗe sabo, don in ya goge lambar shiga za ta sauya, ku koma bin mutane ɗaya bayan ɗaya da sabon mahaɗi.

Sani Kwamfuta: Gaskiyar Hajiya. A taƙaice dai a riƙe cewa Najeriya na gaban Landan da awa ɗaya, tana gaban New York da awa shida, Sudan da Saudiyya kuma suna gabanmu da awa biyu. A rubuta a manne a saman zauren, an huta.

Hajiya Bilki: Sani, in aka manne wannan, a watan Maris za a sake dawowa nan da kuka. Awa ɗaya da Landan na watannin sanyinsu ne kawai, wajen wata biyar. Sauran wata bakwai babu tazara ko kaɗan. New York ma yau da muke magana awa biyar ce tsakaninmu, ba shida ba.

Malam Tijjani: Sudan ma ba ta tare da Saudiyya yanzu. A da haka ne, amma tun 1 ga Nuwamba 2017 ta dawo da agogonta baya da awa ɗaya. Khartum na gaban Kano da awa ɗaya, Jidda da awa biyu. Dukansu ba sa sauyawa a cikin shekara, saboda haka 8 na Kano ita ce 9 a Khartum, 10 a Jidda, kullum.

Abin da ya fi gaggawa shi ne Amurka, Malam Kabiru, domin Lahadin nan mai zuwa ce ranarsu. Ba rana ɗaya suke sauyawa da Ingila ba. Su suna tura agogo gaba Lahadi ta biyu a Maris, su dawo da shi Lahadin farko ta Nuwamba, wato bana 2 ga Nuwamba 2025, da ƙarfe 2 na dare, ranar karatunku ke nan. Jiya 8 na Kano ta yi daidai da 3 na yamma a New York. Ranar 2 ga wata za ta zama 2 na rana. Wanda ya saba da ƙarfe 3 zai shigo a makare da awa guda, irin na mutanen Landan. Kuma ko tunatarwar da ke kalandarsa ba za ta cece shi ba, don in daga tsohon zaman ya ɗauko ta, 3 ɗin za ta nuna masa, tunda agogon Landan take bi. Bayan an gyara Zoom a gaya wa duk wanda ya taɓa saka karatun a kalandarsa ya cire tsohon ya sake saka sabon. Gyaran ba lallai ya bi su har cikin wayoyinsu ba.

A shekara mai zuwa giɓin ya fi faɗi. Amurka za ta sauya 8 ga Maris 2026, Ingila sai 29 ga Maris. Makonni uku ke nan da New York ta riga ta koma 3 na yamma, Landan tana nan a 7. A nan mutane suka fi rikicewa, don wanda ke Amurka zai ce an sauya agogo, wanda ke Ingila ya ce ba a sauya ba, kuma kowa da gaskiyarsa.

Maman Hanifa: Ni tambayata a kan GMT ɗin ce. Mu nan Kumasi duk wanda muka gayyata sabo sai ya makara, sai daga baya ya gane. Ashe ba namu ba ne laifin?

Malam Tijjani: Ba naku ba ne Hajiya. Gana a kan GMT take cif, duk shekara. In takarda ta ce 8:00 GMT, mutumin Kumasi ya duba agogon bangonsa ya zo ƙarfe 8, ya yi daidai, amma a Kano 9 ta yi. Karatun nan a gaskiya 7 na yamma ne agogon GMT. Masu sauraron rediyo sun san wannan, shi ya sa gidajen rediyon waje ke faɗin lokaci biyu, agogon GMT sannan agogon Najeriya da Nijar. Mutanenmu da yawa suna liƙa GMT a bayan lokaci ne kamar ado, don takarda ta yi kama da ta manya.

Wani tarkon na kusa da wannan: a jerin garuruwan da Zoom ko kalanda ke kawowa, daga yanzu zuwa Maris za ka ga Paris da Berlin su ma da `GMT+1`. Kada a zaɓe su don lambar ta yi daidai da tamu. Ƙarshen Maris za su koma `GMT+2`, zaman ya zame da awa ɗaya ta ɗaya ɓangaren. Gari ake zaɓa, ba lamba ba. In Legas na cikin jerin, ita ce.

Hajiya Bilki: Ga yadda zan rubuta sanarwar wannan makon in ni ce, tunda saƙon WhatsApp ba ya juya wa kowa lokaci, abin da aka rubuta shi mutum zai karanta:

"Karatu ranar Lahadi 2 ga Nuwamba 2025, ƙarfe 8 na dare agogon Najeriya da Nijar. Kumasi da Landan 7 na yamma. Khartum 9 na dare. Jidda 10 na dare. New York 2 na rana. Mutanen Landan da New York a lura, agogonku ya sauya, namu bai sauya ba."

A rubuta sunan wata da baki, kada a sa 2/11, domin ɗan Amurka wata yake fara karantawa, zai ga 11 ga Fabrairu. Kuma a bar cewa "daren Lahadi". A wurin dattawa da yawa daren Lahadi shi ne daren da za a wayi gari Lahadi, kamar yadda daren Juma'a yake Alhamis da dare. "Lahadi da dare" ba ta da wannan harshen damon. In akwai mai saurare daga Malesiya, a sa masa ranarsa daban, don shi 3 na dare ne, Litinin ta riga ta shiga.

Sani Kwamfuta: Na karɓi gyara. Ga mai Linux, wannan zai nuna lokacin a kowane gari, sai a sauya sunan garin da kwanan watan:

```
TZ=America/New_York date -d '2025-11-02 19:00 UTC'
```

Zai ba da 14:00. Amma ni har yanzu ina ganin a bar zaman a agogon Landan, a ce wa malam ya riƙa farawa ƙarfe 9 a watannin nan. Ingila da Amurka kusan tare suke sauyawa, sai mutanen waje su zauna a lokaci ɗaya in ban da makonnin giɓin.

Maman Hanifa: Sai mutanen Jidda su fara karatu 11 na dare su gama sha biyu, ga Litinin ranar aiki? Kuma garuruwa biyar ba sa sauya agogo, biyu ne ke sauyawa. Don me biyar za su bi biyu?

Malam Tijjani: Ni ma na fi karkata ga agogon malam, shi ne ba ya motsi. Sai dai maganar Sani ba ta faɗi ƙasa ba, ya danganta da inda mafi yawan masu sauraro suke, kuma Malam Kabiru ne ke da wannan lissafin. Akwai kuma abin da babu saitin da zai gyara: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Landan sai bayan 9 na dare, saboda haka karatun da ya fara 8 ya ɗan ja zai ci karo da Magaribarsu, a Disamba kuma kafin 4 na yamma ta faɗi. Wannan sai an tambaye su.

Malam Kabiru: Allah ya saka da alheri. Na tura wa ɗan'uwan namu, ya gyara, yanzu Zoom ya nuna mini 8. Na cire GMT daga sanarwa. Maganar wane agogo za a bi kuma zan kai wa malam, don mutanen Landan sun kusa kai rabin masu shigowa.