Haƙorina na suka da ruwan sanyi, amma nan da nan ya lafa

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Turmina na ƙasa ta dama, da na kurɓi ruwan sanyi sai in ji kamar an soka mini allura, amma kafin in ajiye kofin ya daina. Wata biyu ke nan. Jijiyar ce ta lalace?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Tunda yana dainawa da kansa, ba komai ba ne. Ki sayi man goge baki na masu jin sanyin haƙori, ki daina dirzawa da buroshi mai tauri. Ni da shi na rabu da nawa.

Anti Likita: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Da jijiyar ta mutu, da ba za ki ji sanyin ba sam. Abin da kike ji shaida ce cewa ɓargon haƙorin, wato naman da ke tsakiyarsa inda jijiyar take, yana da rai.

A ƙarƙashin farin ɓawon haƙori akwai wani sashe mai ruwan ɗorawa, cike yake da ƙananan hanyoyi siriri waɗanda ido ba ya gani, kowace da ɗan ruwa a ciki, kuma duk suna gangarawa zuwa ɓargo. Muddin ɓawo da dasashi sun rufe su, lafiya lau. Idan suka buɗe, ko don rami ya fara, ko ciko ya saki, ko dasashi ya ja baya, sanyi na taɓa wurin sai ruwan nan ya motsa da sauri zuwa waje, ya fizgi bakin jijiyoyin da ke gefen ɓargon. Su waɗannan jijiyoyi saƙonsu mai kaifi ne kuma gajere. Da wurin ya ɗumama ruwan ya tsaya, sai su yi shiru. Shi ya sa yake zuwa kamar walƙiya ya wuce.

Abin da na fi so ki lura da shi shi ne tsawon lokacin, ba tsananin zafin ba. Ki kurɓa, ki haɗiye, ki ƙirga. In ya ɗauke cikin daƙiƙa kaɗan, ɓargon ya ɗan fusata ne kawai, kuma yakan warke idan an toshe abin da ke tsokanarsa. In ya kai daƙiƙa 30 ko fiye yana zogi, to kumburin ya yi nisa a ciki.

Baban Sadik, man yana aiki in dasashi ne ya ja baya, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4. Amma haƙori ɗaya tal, wata biyu? Na fi zargin rami ko tsagewa, kuma mai ba ya cike rami.

Ummi: Wallahi Anti haka nawa ya fara. Na share shi kusan shekara. Daga baya sai ya koma shayi mai zafi ne ke tayar da shi, dare ya yi in kasa kwanciya, ina zaune da ruwan ƙanƙara a baki saboda shi kaɗai ke lafar da shi. Rana ɗaya ya daina cak, na yi murna. Bayan sati uku kumatuna ya kumbura, sai da aka huda haƙorin aka cire jijiyar.

Anti Likita: Sannu Ummi. Wannan shirun mutuwar ɓargon ne. Ɓargo a kulle yake cikin bango mai tauri, in kumburi ya yi yawa ba shi da wurin buɗawa.

Kawu: A cire shi kawai a huta, 'yata. Haƙorin da ya fara ciwo ba ya daina.

Maman Ilham: A'a Kawu, ban kai nan ba tukuna! Anti na gwada, daƙiƙa 4 ko 5 ne. Ba ya tashina da dare. Amma na duba a madubi ban ga rami ba, sai dai zare yana maƙalewa tsakaninsa da na bayansa, har ya tsittsinke.

Anti Likita: Madalla da ƙirgar nan. Zaren kuma ya ba mu labari: ramin da ke tsakanin haƙora biyu madubi ba ya nuna shi, sai hoton X-ray. Ki je cikin makon nan ko na gaba. Likita zai ɗora auduga mai sanyi a kan haƙorin da maƙwabtansa ya gwada bambanci, ya ɗan ƙwanƙwasa shi, ya ɗauki hoto. In rami ne bai kai ɓargo ba, a goge a yi ciko. Sai dai ƙirgar alama ce kawai, wani lokaci sai an buɗe ake ganin zurfinsa ya wuce zato. Kafin nan, in kin ciji abu mai tauri kika saki, kina jin suka?

Maman Ilham: Wani lokaci kamar ina ji, amma ban tabbata ba.

Anti Likita: To ki faɗa masa wannan ma, don tsagewa sau da yawa ba ta fitowa a hoto. Ki riƙa tauna ta hagu zuwa ranar.