Wane suna za mu ba wa layin da ke juyewa?

Hadiza: Assalamu alaikum. Gobe da safe ina da darasi, kuma har yanzu ban sami Hausar `Simpson's paradox` ba, wato yadda alaƙar abu biyu ke juyewa idan an haɗa rukunoni wuri guda. Ina amfani da ma'aunin bakin tsuntsayen fengwin 344 na tsibiran Palmer a Antaktika:

```r
library(palmerpenguins)
lm(bill_depth_mm ~ bill_length_mm, data = penguins)
lm(bill_depth_mm ~ bill_length_mm + species, data = penguins)
```

A na farko karkatar layin -0.085 ce, wato baki na ƙara tsawo, kaurinsa na raguwa. Da na saka jinsi sai ta koma +0.20. A taimaka da suna.

Sani: Malama, duba lambarki dai, wataƙila kin juya ginshiƙan ne.

Malam Garba: Babu kuskure, Sani. Jinsi uku ne a ciki. Bakin Gentoo dogo ne amma siriri, tsawo wajen milimita 47, kauri 15. Na Adelie gajere ne mai kauri, 39 da 18. Idan ka zuba su wuri guda, layin zai bi tazarar da ke tsakanin garke da garke, ya gangara. A cikin kowane garke kuwa, mai dogon baki shi ne mai kaurin baki. Malama, ki ba kowane jinsi launinsa a zanen, da ido yara za su gani. Ni da "ruɗin gwamutsawa" zan ce.

Ɗanjuma: Juyin waina! Shekara biyu ina faɗa wa ɗalibaina haka, ba wanda ya manta.

Malam Garba: Waina kai kake juya ta da hannunka. Nan ba wanda ya taɓa alƙaluman, haɗa garkunan ne ya juya layin.

Ɗanjuma: Allah gafarta Malam, "gwamutsawa" ta yi nauyi a baki. Sai kalma ta yi kama da ta littafi sannan ku yarda da ita?

Issufu: Ni damuwata a cire sunan Simpson. Masanin ƙididdiga Yule ma ya riga shi rubutu a kai, tun 1903, shi kuwa sai 1951. Kuma kullum ku na Kano kuke yanke suna, mu a Damagaram sai dai mu ji.

Hadiza: Malam Issufu, ni 'yar Gusau ce. Kawo naka.

Issufu: Tufka da warwara.

Malam Garba: Wannan na mai saɓa wa kansa ne. Layukan biyu duk daidai suke, tambayar da kowanne ke amsawa ce daban. Abin da nake tsoro a "ruɗi" ma shi ne yara su ɗauka na haɗe kullum ƙarya ne. Da magani ne ke sauke hawan jini, sai ka raba majinyata bisa hawan jininsu na bayan shan maganin, ai rabawar ce za ta ɓoye amfaninsa.

Hadiza: To na cire "ruɗi". Zan rubuta "juyin haɗaka" a allo, da na Turancin a ƙasa don masu nema a intanet.

Ɗanjuma: Rabin nawa kika ɗauka. A ajina dai waina ce.

Issufu: Ita kalmar "karkatar layin" fa, wa ya amince da ita?