Sassaƙar Maɗaci Ba Tare da Kashe Itacen ba

A zaman da masu maganin gargajiya da wani ma'aikacin gandun daji suka yi, maganar ta fi tsayawa a kan maɗaci, don shi aka fi sassaƙa saboda zazzaɓi da ciwon ciki.

Ma'aikacin ya bayyana cewa abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In aka yanke ɓawon zagaye da gindin, an datse hanyar ke nan. Itacen zai ci gaba da kore na ɗan lokaci, mutum ya ɗauka lafiya lau, alhali saiwa na mutuwa da yunwa a ƙasa. Daga baya rassan sama su fara bushewa.

Shawarar da aka fi yarda da ita: a yanki siriri a tsaye, faɗinsa kada ya wuce tafin hannu, a gefe ɗaya na babban itace. A yi da wuƙa mai kaifi, kada a kankare har a ci naman itacen, domin daga danshin da ke saman naman da kuma bakin raunin sabon ɓawo ke tsirowa. Kada a koma wa itacen sai raunin ya rufe, abin da kan ɗauki shekaru.

Saiwa kuwa, kamar ta itacen sanya, an ce a yanki ta gefe guda, a bar uwar, a mayar da ƙasa. Wani dattijo ya ce masu cika buhu don kasuwa ba za su ji ba, kuma a ganina da gaskiyarsa.